Wata ta ce hancina ya yi faɗi a hoto, yanzu ko fita ba na son yi

Tambaya: Likita don Allah a taimaka min. Kullum sai na ɗau selfi da yawa na tura wa ƙawaye su faɗa min gaskiya. Wata ta ce hancina ya yi faɗi, tun ranar na tsani fuskata, har kuɗin tiyata na fara tarawa. In ƙara tambayar wasu ne don na tabbatar?

Amsa: A'a 'yar uwa, kar ki ƙara tambayar kowa tukunna.

Kullum sai an zo min da maganar nan wai hoto ba ya ƙarya, wallahi har ta ishe ni. Wa ya ce? A 2018 an yi lissafi an ga in aka ɗau fuska daga nisan santimita 30, wato yadda ake riƙe waya wajen selfi, hanci yakan ƙara faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, alhali daga mita ɗaya da rabi yadda yake haka yake fitowa. Dalili kuwa hanci ya fi kumatu da kunnuwa kusa da kamara, to shi ke kumbura su kuma su tsuke. Ƙawarki nisan waya ta gani ta ɗora wa hancinki laifi. Ki ba wani wayar ya ja baya taku biyu, ki tsaya kina fuskantar taga, ki gani da idonki.

Amma fa ko hoton ya fito daidai tambayar ba za ta kwantar miki da hankali ba, nan ne abin ya fi damuna. In tara sun ce kin yi kyau sai ki ce kara suka miki, ta goman da ta kushe ita ce mai gaskiya, sanyin da kika ji bai wuce ɗan lokaci ba sai ki sake turawa, kuma kowace turawa ƙara wa damuwar ƙarfi take. Su kuma masu tallan gyaran hanci da man bilicin irin ku suke jira, ki tura musu hoto kyauta za su lissafo miki aibi biyar, an taɓa ganin wadda suka ce wa lafiyarta lau?

In dai gyaran hoto kike so, zaɓi mutum ɗaya da ya iya ɗauka, ki tambaye shi sau ɗaya a kan abin da za a iya canzawa gobe: hasken ya yi? Wayar ta yi ƙasa da yawa? Wanda ya ce hasken sama ne ya sa miki inuwa ƙarƙashin ido ya ba ki abin yi. Wanda ya ce fuskarki kaza ce bai ba ki komai ba.

In tunanin hancin nan na cin miki sama da awa ɗaya a rana, ga shi har ya hana ki fita, ki ga likitan ƙwaƙwalwa kafin na fiɗa. Akwai larurar ganin muni a jiki inda wasu ba sa ganin komai, ana maganinta da zaman CBT, wato tattaunawa da ƙwararre don sauya tunani da ɗabi'a, wani lokacin a haɗa da ƙwaya irin su fluoxetine. Masu ita da aka yi wa tiyata galibi ba sa gamsuwa, sai damuwar ta koma kan leɓe ko fata.