Takardar tarihin aikina ta cakuɗe: ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Malam, na kwafo rubutun takardar tarihin karatuna da aikina, wato sibi, daga wani tsohon PDF na liƙa a Word, sai komai ya hargitse. Makaranta ta shiga cikin aiki, kwanan wata kuma kowanne da irin rubutunsa. Yaya zan mayar da ita daidai?

Amsa: Kada ka fara da kwalliyar shafi, ɗan'uwa. Yawanci tsohuwar takardar ce aka tsara da ginshiƙai biyu ko da tebur, shi kuwa PDF abin da ya riƙe shi ne inda kowane rubutu yake zaune a shafi, don haka wurin kwafa sai ya ɗauko layin hagu ya haɗa da na dama. Alamar hakan ita ce ka ga lambar waya ko sunan wata manhaja ta faɗo tsakiyar bayanin aiki. Ka liƙa rubutun a Notepad tukuna, ko ka zaɓi `Keep Text Only` a Word, domin ragowar tsohon tsarin ya zube.

Daga nan ka bi rubutun kana farautar shekaru. Duk inda ka ga shekara, to akwai abu guda da ya faru, aiki ko karatu ko horo, sai ka ba shi layinsa shi kaɗai: muƙami ko shaidar karatu, sunan wurin, gari, sannan lokacin farawa da na gamawa. Abin da ba shi da shekara kusan kullum bayanin ayyukan da ka yi ne a ƙarƙashin wani muƙami, ko wata ƙwarewa, ko bayanan tuntuɓa. Idan ka gama sai ka raba su: suna da hanyar tuntuɓa a sama, gajeren bayani a kanka idan kana so, ayyukan da ka yi, karatu, horo da takardun shaida, sai ƙwarewa. Wanda bai daɗe da gama makaranta ba, sai ya sa karatu a gaban aiki.

Kwanan wata ne wurin da aka fi yin tuntuɓe. Mu ɗauka ka tsinci waɗannan guda huɗu: mai kula da sito 2019-21, akanta daga Maris 2021 zuwa yau, difloma 05/06/2017, da aikin wucin gadi 2018. Na farkon zai iya nufin wata 14, idan daga Disamba 2019 ne zuwa Janairu 2021, zai kuma iya nufin wata 36. Mai ɗaukar ma'aikata da ke neman gogewar shekara 2 ba shi da hanyar sanin ko ka cika. Na diflomar ya fi muni, domin Ba'amurke zai karanta shi 6 ga Mayu, Baturen Ingila kuma 5 ga Yuni. Ni dai ba na sa rana a sibi ko kaɗan. A sashen aiki wata da shekara sun isa, a rubuta watan da haruffa, a sashen karatu kuwa shekarar gamawa ta wadatar.

Don gyara na mai kula da sito, sai ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki da ta barin aiki ka duba. A ce sun nuna Satumba 2019 zuwa Fabrairu 2021. To akanta, Maris 2021 zuwa yanzu, shi ne a sama, mai kula da sito ya biyo, aikin wucin gadi ya zo ƙarshe, difloma kuma ta koma sashen karatu da 2017 kawai. Ana fara jerin ne daga na baya-bayan nan, kuma idan ayyuka biyu sun haɗu a lokaci ɗaya, wanda ya ƙare daga baya, ko wanda bai ƙare ba tukuna, shi ke hawa sama.

Saura aikin 2018 da ka manta watansa. Kada ka ƙirƙiro masa wata don ya yi kama da sauran, domin idan aka tuntuɓi wurin suka faɗi daban, gaskiyarka ce za ta shiga shakku. Ka nemi tsohon saƙon shigar albashi ko wasiƙa. In babu, ka bar shi da shekara kawai, tunda tsohon aiki ne kuma gajere. Idan irinsa sun yi yawa, gara dukkan sashen ya koma shekaru zalla.

Bayan an jera, giɓi yakan fito fili, kamar watannin da ke tsakanin ƙarshen aikin wucin gadin da Satumba 2019. Kada ka ja kwanan wata don ka rufe shi. Ka shirya amsarsa don ranar ganawa. Wurin tura kwanakin zuwa gefen dama kuma, ka saita `Tab` mai daidaita rubutu ta dama maimakon danna tazara sau da yawa, wadda ke gocewa da zarar an canza girman haruffa. In ka gama, ka mayar da takardar PDF, ka sake kwafo rubutunta zuwa Notepad. Idan ya fito a jere daga sama har ƙasa, da alama manhajojin tace takardun neman aiki ma za su karanta shi daidai.