Raba iko ko rabon iko? Amsa ga wani mai karatu daga Garwa

Tambaya: "Malam, a rediyo ina jin ana cewa tsarin mulki ya raba iko gida uku: shugaba, majalisa da kotu. To ai Bahaushe ya ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Yaya za a yi uku? Kuma wanne ne daidai, raba iko ko rabon iko?" Daga wani ɗan kasuwa, Garwa, Kamaru.

Alhaji, bari mu fara da kalmar, don a nan kunne yake yaudarar mutum. Raba tana da fuska biyu. Akwai raba ta rabon gado da rabon ganima, inda kowa zai kwashi kasonsa ya yi gaba. Akwai kuma raba ta raba faɗa, ko raba akuya da hatsi, wato a shiga tsakani kada wannan ya kai ga wancan. Idan ka ce rabon iko, mai sauraro zai ɗauka 'yan siyasa ne suka zauna suna kasafta kujeru, wannan minista, wancan gwamna. Abin da kundin tsarin mulki yake nufi ya fi kusa da fuska ta biyu, shi ya sa ni na fi son a ce raba iko, ko rarrabe iko.

Ka tuna watanda. Jajibirin Sallah mutum goma sun haɗa kuɗi sun sayi sa, an yanka, an shimfiɗa buhu a ƙasa, ɗaya ya tsuguna yana kasa nama tsibi-tsibi. A unguwarmu dokar ita ce mai kasawa shi ne na ƙarshen ɗauka. Sai ka ga yana ɗebe tsoka daga wannan tsibi yana mayarwa wancan, yana ta duban hanta da ƙashi, har a gaji da shi. Ba tsoron Allah kaɗai ke sa shi haka ba. Ya san abin da aka bari shi ne nasa. To haka ake so a mulki: mai yin doka daban, mai zartar da ita daban, mai yanke hukunci da ita daban. Bafaranshen nan Montesquieu ya faɗi haka tun 1748, cewa iko ne kawai ke tare iko.

Karin maganar da ka kawo kuwa gaskiya ce, amma a kan sarauta take magana. Sarauta rawani ce, kai ɗaya take hawa. Iko kuwa damar aikata abu ce, kuma ana iya ba wannan damar yanka, a ba wancan damar ɗauka. Ko a fadar lamiɗo akwai alƙali, akwai 'yan majalisa. Bambancin shi ne can al'ada da kunya ke riƙe da iyaka, nan kuwa an rubuta ta sashe-sashe, yadda za a iya buɗewa a nuna wa mai mulki.

Mu ɗauki kundin Kamaru na 18 ga Janairun 1996, mu bi doka ɗaya daga haihuwarta. A ce gwamnati ta kawo ƙudurin da zai taƙaita wani haƙƙi na 'yan kasuwa. Shugaba ba zai iya mai da shi doka da bakinsa ba, sai ya bi ta majalisar dokoki mai kujeru 180, sannan majalisar dattawa mai kujeru 100. Wannan takunkumin ɓangaren zartarwa ke nan. Su ma 'yan majalisa da nasu: sashe na 18 ya hana su kawo ƙudurin da zai rage kuɗin shigar gwamnati ko ya ƙara mata kashewa, sai sun nuna inda za a cike giɓin. In an amince da dokar, shugaba yana da kwana 15 ya sa hannu, sai fa in ya mayar da ita a sake dubawa, ko ya kai ta gaban kotun tsarin mulki. Wannan kotu mai mambobi 11, wadda kundin ke kira majalisa, in ta ce doka ta saɓa wa tsarin mulki, magana ta ƙare, babu ɗaukaka ƙara.

A takarda an ɗaure kowa. Amma ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau: wa ke da izinin ƙwanƙwasa ƙofar wannan kotu? Sashe na 47 ya lissafa su. Shugaban ƙasa, shugaban majalisar dokoki, shugaban majalisar dattawa, sulusin 'yan majalisar dokoki ko sulusin dattawa, sai shugabannin yankuna idan abin ya shafi yankinsu. Kai da dokar za ta hau kanka ba ka ciki. Sulusin 180 kuwa 60 ne. A zaɓen 2020 jam'iyyar RDPC mai mulki ta tashi da kujeru 152, sauran jam'iyyu duka suka kasafta 28. Ko da sun haɗa kai baki ɗaya, abin da ba su saba yi ba, da sauran sa hannu 32 kafin su isa ƙofar. Saura masu izinin kuma kusan duk gidansu ɗaya da wanda ya kawo ƙudurin. Wanzami ba ya son jarfa. Wa zai kai ƙarar dokar da shi ya kawo?

A majalisar dattawa ma lissafin bai fi sauƙi ba. Kowane yanki cikin goma yana da dattawa goma, bakwai zaɓaɓɓu, uku na naɗin shugaba. Ka ga 30 sun shigo ta hannunsa tun kafin a ƙirga ƙuri'a. Kuma kada a manta, majalisar dattawan ba ta zauna ba sai 2013, kotun tsarin mulki kuma sai 2018, shekara 22 bayan an rubuta sunanta. Kafin nan Kotun Ƙoli ce ke riƙe mata aiki.

Wani abu da zai burge mai son kalmomi: kundin 1972 ya kira ɓangaren shari'a da kalmar da ke nufin hukuma, na 1996 ya ɗaga shi ya kira shi iko, daidai da sauran biyun. Ba ƙaramin sauyi ba ne, domin hukuma aiki ake ba ta, iko kuwa nasa ne. Sashe na 37 ya ce alƙali ba ya bin komai sai doka da lamirinsa. Sai dai sashen nan ɗaya ya ce shugaban ƙasa ne mai lamunce 'yancin shari'a, shi ke naɗa alƙalai, tare da shawarar majalisar ƙoli ta alƙalai, wadda kuma shi ke shugabanta. Alƙalin da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa ke fitowa daga teburin da mai ƙara ko wanda ake ƙara yake zaune a kai, sai ya yi ta maza kafin ya ce a'a. Wasu za su ce an ba kura ajiyar nama. Ni ban kai can ba, don akwai alƙalai masu tsayawa, amma a watandarmu ba za a yarda mai kasawa ya zaɓi wanda zai sa masa ido ba.

In za ka faɗi abin a rumfa, Alhaji, ka ce an rarrabe iko. Ka bar rabon iko ga ranar da aka kafa gwamnatin haɗin gambiza ana kasafta ma'aikatu.