Taransfoma Biyu a Haɗe, Ɗaya na Zafi Ɗaya na Hutu

Tambaya: Injiniya, ni ke kula da wutar wani masaukin alhazai a Aziziyya, Makka. Muna da taransfoma biyu a haɗe kan basba ɗaya, wato sandar da ke rarraba wuta a fanel, kowace 1000 kVA, 13.8 kV zuwa 400 V. A farantin tsohuwar an rubuta imfidans, wato turjiyar cikinta ga wuta, 4.5%, a na sabuwar 6%. Da rana idan an kunna dukkan mukayyif lodi na kai 1900 kVA, sai tsohuwar ta ɗau zafi, birekarta ta faɗi har sau biyu. Ɗan kwangila ya ce ba mu ko kai 2000 ba, in ƙara saitin bireka kawai. Wani kuma ya ce a juya taf, wato makunnin daidaita bolt na taransfomar. Hankalina bai kwanta ba, ga aikin Hajji ya matso.

Amsa: Wallahi gara da hankalinka bai kwanta ba, Malam. Kada ka taɓa saitin birekar nan, gaskiya take faɗa maka.

Tunda an ɗaure su gaba da baya kan basba ɗaya, faɗuwar bolt a cikinsu dole ta zama ɗaya. Wadda imfidans ɗinta ya fi ƙanƙanta sai ta ja wuta mai yawa kafin ta kai wannan faɗuwar, don haka ita ke shan wahala. Girmansu ɗaya, lissafin ba wuya, S1 kason tsohuwar, S2 na sabuwar:

```
S1 = 1900 x 6 / (4.5 + 6)   = 1086 kVA
S2 = 1900 x 4.5 / (4.5 + 6) = 814 kVA
```

A kan 400 V, cikakken lodin kowace amfiya 1443 ne. Tsohuwarka tana ɗauke da kusan 1567, sabuwar tana can tana shan iska da 1175. Je ka duba amita na kowace daban tsakanin Azahar da La'asar, za ka tarar da lambobi kusa da waɗannan. Idan tazarar ta fi haka nesa, to akwai wata matsalar a kai, ko taf ɗinsu ba ɗaya ba ne, ko kebul ɗin sabuwar ya fi tsawo.

Yanzu bari in tsaya kan maganar ɗan kwangilarka, domin na gaji da jinta daga Jidda har Madina. Dubu da dubu dubu biyu ne a kasuwa. A ɗakin taransfoma kuwa sai in imfidans ya zo ɗaya. Lokacin da tsohuwar ta cika 1000 cif, sabuwar tana kan 1000 sau 4.5 bisa 6, wato 750. Jimla 1750 kVA, nan ne iyakar abin da kuka mallaka muddin suna haɗe. Sauran 250 ɗin mai gida ya biya kuɗinsu amma ba zai taɓa cin moriyarsu ba. Kun wuce iyaka da 150, ku kuwa kuna kallon mitar jimla kuna cewa da saura.

Za a ce maka ai kashi 8 ko 9 cikin ɗari ba wani abu ba ne. Zafin da waya ke haifarwa yana tafiya ne da amfiya sau amfiya, don haka ƙarin kashi 8.6 na lodi ƙarin kusan kashi 18 ne na zafin nadi. Sannan lambar da ke kan faranti, a ƙa'idar IEC 60076, an gina ta ne kan iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, kuma matsakaicinta a shekara digiri 20. Ka san Makka a watan Yuni. Waje na haura 45, balle ɗakin ƙasa da fankarsa ɗaya ta mutu tun bara. Takardar da ke naɗe da wayar tana tsufa ninki biyu a duk ƙarin digiri 6 bisa 98 a wuri mafi zafi na nadin. Ba za ka ga hayaƙi yau ba, shi ya sa masu wannan shawara ke tsira da mutuncinsu. Sun karɓi kuɗinsu sun tafi, bayan shekara biyu ko uku taransfoma ta ƙone a ce tsufa ne.

Ina kyautata zaton birekarka ta 1600 ce an saita ta kan 0.9, wato amfiya 1440. Wanda ya yi wannan saitin ya san aikinsa. In ka mayar da ita 1.0, amfiya 1567 za ta wuce salin alin, ka rufe bakin mai gadi ɓarawo na cikin gida. Kuma ka tuna abin da ke faruwa duk sanda tsohuwar ta fita: lodin 1900 gaba ɗaya ya faɗa kan sabuwar, kusan ninki biyu na ƙarfinta, ita ma ta bi sahu. Bene cike da tsofaffi, lif ta tsaya, mukayyif ya mutu da tsakar rana. Amanar rayukan baƙin Allah ce a hannunka, ba a wasa da ita don wani ya kauce wa sake aiki.

Maganar taf kuwa ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Bambancin mataki ɗaya, 2.5%, yana haifar da wuta mai zagaye tsakaninsu: 2.5 bisa 10.5, kusan kashi 24 na cikakken lodi, amfiya 344 ke nan, tana yawo dare da rana ko babu ɗaki ɗaya a kunne. Idan aka ɗaga bolt ɗin sabuwar, a fawa fakta 0.85, amita biyun za su dawo wajen 1400 kowace, mutum ya ga kamar ya yi gwaninta. Amma kilowat ɗin bai matsa ko'ina ba, tsohuwar na nan da kasonta, kuma daidaiton na wannan lodin ne kaɗai. Ga tarko kuma: taf yana ɓangaren 13.8 kV, zuwa +2.5% rage bolt ɗin fita yake yi. Na taɓa zuwa wani gini inda aka juya shi baibai, gyaran gangar Auzinawa. A lissafinka wannan kuskuren zai kai tsohuwar wajen amfiya 1770.

Abin da zan yi da ni ne kai: in buɗe birekar tsakiya da ke haɗa ɓangarorin basbar biyu, in raba fidoji yadda kowace za ta ɗau kusan 950 kVA, amfiya 1370. Da sun rabu, imfidans ya daina shiga rabon lodi. Aikin yini ɗaya ne na matsar da kebul biyu ko uku, yawanci na injinan sanyaya, a sa makullin da zai hana kunna bireka ukun lokaci guda, wato na taransfoma biyun da ta tsakiya. Akwai ƙarin riba ma. Idan aka samu shot a basba suna haɗe, tsohuwar na iya zubo kusan 32 kA, sabuwar 24, jimla wajen 56. Duba abin da aka rubuta a fanel ɗinka, in 50 kA ne, to tun ranar da aka haɗa su kuke zaune kan haɗari. Idan fanel ɗin ba shi da wurin rabuwa, ka riƙe jimla ƙasa da 1750, ni ma 1600 zan so a watannin zafi, har a samo wadda imfidans ɗinta bai yi nisa da na abokiyarta da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba.

Duk wanda zai kusanci ɗayarsu, ka tsaya a kansa ya kashe ɓangare biyun ya sa arsin. Taransfomar da aka yanke daga ɓangaren 13.8 kV kaɗai tana shan wuta ta basbar 400 V daga 'yar uwarta, ta mayar da ita 13.8 kV a kan bushin ɗin da yaronka ke zaton a mace yake.