Barista, wata nawa zan yi kafin sauya bashin nan ya mayar mini da kuɗina?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Na ci bashin banki na sayi motar aiki, motar ce kuma jingina. Saura 1,200,000 a kaina, ina biyan 45,000 duk wata, saura wata 36 in gama. Wani banki ya ce zai biya mini wannan bashi, in koma biyan sa da kuɗin ruwa mai sauƙi. Sun ba ni zaɓi biyu: 41,000 a wata har wata 36, ko 33,000 a wata har wata 48. Amma sai na fara biyan 24,000 na aikin takardu da 16,000 na kimanta motar da rajistar jingina. Ma'aikacin ya ce idan na ɗauki na biyun, kafin wata huɗu na fanshe abin da na kashe. Haka ne? Kuma bankina na yanzu yana da ikon hana ni tafiya?

Amsa: Malam, barka kadai. Ma'aikacin bai yi maka ƙarya a lissafi ba: 40,000 a raba da ragin 12,000 ba ya kai wata huɗu. Matsalar tana cikin abin da bai saka a lissafin ba.

Mu fara da tsohuwar yarjejeniyarka, wadda na gode da ka haɗo kwafinta. Ba ta hana ka biyan bashin gaba ɗaya kafin wa'adi ba, don haka bankin ba zai riƙe ka ba. Sai dai akwai sashen da ya ce wanda ya biya da wuri zai ba da tara ta kashi 2 cikin 100 na abin da ya saura, wato 24,000. Wasu ƙasashe sun iyakance irin wannan tara, wasu sun hana ta a kan wasu basussuka, wasu kuma sun bar ta ga abin da aka sa wa hannu. Ka bincika dokar inda kake, amma kafin nan ka ɗauka za ka biya. Ke nan abin da zai fita aljihunka yau 64,000 ne, ba 40,000 ba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. A tara duk abin da za a biya yanzu, a raba da ragin da aka samu a biyan kowane wata. Abin da ya fito shi ne watan da za ka dawo daidai, ba riba ba asara. A zaɓi na farko ragin 4,000 ne, kuma 64,000 a raba da 4,000 ya ba da wata 16. Daga wata na 17 ka fara cin moriya, kuma saura wata 20 a lokacin, wato 80,000 ke nan za su rage maka. Kana iya tabbatarwa ta wata hanya: tsohon bashi zai ci maka 1,620,000 kafin ya ƙare, sabon kuma 1,476,000 da 64,000 na sauyi, jimla 1,540,000.

Zaɓi na biyu shi ne wanda nake so ka zauna ka duba da kyau, domin wannan ƙa'ida ba ta aiki a kansa. Tana aiki ne kawai idan basussukan biyu za su ƙare lokaci ɗaya. Idan ka raba 64,000 da 12,000 za ka ga kamar a wata na shida ka fanshe. To amma kashi biyu cikin uku na wannan ragi ba sauƙin kuɗin ruwa ba ne, jan lokaci ne. Ka ƙaddara mun kai wata na 36. Da kana kan tsohon bashi, ranar nan ka gama, mota ta zama taka. A kan sabon kuwa, ragin da ka tara bayan cire kuɗin sauyi 368,000 ne, amma akwai sauran biya 12 na 33,000 a gabanka, wato 396,000. Ka tashi da asarar 28,000, kuma motarka ta ƙara shekara guda a jingine.

Ban ce wanda ya ɗauki wannan zaɓi ya yi wauta ba. Idan 45,000 ta fara shaƙe ka har kana tsoron fashin biya, sayen numfashi da 28,000 ya fi a ƙwace mota. Haka nan idan 12,000 ɗin za ta shiga sana'a ta haihu. Amma ka san cewa sarari ka saya, kada a sayar maka da shi da sunan rangwame.

Akwai takarda ɗaya da ba za ka sa hannu a ko'ina ba sai ka karɓe ta: wasiƙar tsohon bankin da ke faɗin ainihin abin da za a biya a rufe bashin, da ranar da adadin zai daina aiki. Dalili shi ne 1,200,000 da kake gani ba lallai ita ce za a nema ba. Kuɗin ruwa na taruwa kullum har ranar biya. Wasu masu ba da bashi kuma tun farko suke lissafa kuɗin ruwan dukan wa'adin su ɗora a kan uwar kuɗi, idan ka zo biya da wuri sai su yafe kaɗan kawai. Na sha ganin wanda ya biya kuɗin takardu a sabon wuri, sannan wasiƙar ta fito da adadin da ya rushe lissafin gaba ɗaya, kuɗin takardun kuma ba a mayarwa. Saboda haka ka tambaya a rubuce: idan sauyin bai yiwu ba, me za a mayar maka?

A sabuwar yarjejeniyar, ka nemi wurin da aka ce ko kuɗin ruwan tsayayye ne ko banki na iya ɗaga shi. Wata 16 da muka lissafa ta dogara ne ga ragin 4,000 ya zauna yadda yake. Idan aka ɗaga har ragin ya koma 2,000 tun farko, sai wata 32, kusan ƙarshen bashin. Ka duba kuma ko su ma suna da tarar biya da wuri, domin idan kana da niyyar sayar da motar nan da shekara guda, za ka fita kafin ka fanshe, ga wata tarar a kai. Idan akwai wanda ya tsaya maka a bashin farko, tsayuwarsa ba ta bin ka zuwa sabon banki sai ya sake sa hannu da yardarsa. Bayan an biya kuma, ka karɓi shaidar rufe bashi da ta sakin jingina, kada mota ɗaya ta zauna da sunan banki biyu a rajista.

Da ni ne, kafin in biya ko kwabo, zan ɗauki tayin sabon bankin a rubuce in kai wa tsohon, in nemi su rage. Ba dole ba ne su yarda. Amma idan suka sauko da biyanka zuwa 43,000 ba tare da tara ko sabon kuɗin takardu ba, ka samu 72,000 a wata 36, tun daga watan farko, ba ka fitar da komai ba. Tsakaninsa da zaɓi na farko 8,000 ne kacal. Idan suka ƙi, kuma wasiƙar rufe bashi ta fito kusa da 1,200,000, kuɗin ruwan sabon tsayayye ne, kai ma za ka riƙe motar fiye da wata 16, ka ɗauki na wata 36.