Me ya sa rubutun zanena ke fitowa dishi-dishi a fosta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa fostar digirina na biyu a PowerPoint, girman A0. Na ɗauki hoton zanen ƙididdigata daga Excel na liƙa, a kwamfuta tsaf yake, amma da aka buga gwaji lambobin ba sa karantuwa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Laifin ba na firinta ba ne, na hoton allon da kika ɗauka ne. Hoto ɗige-ɗige ne ƙidayayyu. A ce faɗin naki ɗigo 900 ne, kika ja shi ya kai santimita 40 a fosta, wato inci 15.7. Kowane inci ya samu ɗigo 57 ke nan, alhali bugu mai kyau yana son 300, ko aƙalla 150 ga abin da za a karanta daga ɗan nesa. Shi ya sa gefen haruffan ya zama kamar an yayyafa musu ruwa. Kada ki wahalar da kanki wajen ƙara lambar dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci, a wannan hoton, ɗigon da ba a ɗauka ba tun farko ba ya dawowa.

Shawarata, kada zanen ya zama hoto sam. Ki koma Excel, ki danna gefen zanen, ki kwafe shi. A PowerPoint ki buɗe Paste Special, ki zaɓi Picture (Enhanced Metafile). Wannan yana ajiye layuka da haruffa a matsayin siffofi, ba ɗigo ba, don haka ko bango guda kika ja shi, bakin harafin zai fito garau. Ki riƙa ja daga kusurwa, kada zanen ya baje. Ni nakan so lambobin gefe su kai girman rubutu na 24 a kan fostar, domin malaman da za su duba aikin a tsaye za su karanta.

In ya zama dole sai hoto, to PNG, ba JPEG ba, domin JPEG yana barin ƙura-ƙura a kewayen haruffa. Faɗin santimita 40 yana buƙatar ɗigo kusan 4,700 kafin kowane inci ya samu 300. Kafin ki saka shi, ki shiga File, Options, Advanced, ki kunna Do not compress images in file, in ba haka ba PowerPoint zai iya matse shi ba ki sani ba.

Ki fitar da fostar a PDF, zaɓin Standard, ba Minimum size ba. Buɗe ta ki zuƙo zanen zuwa 400%. In haruffan sun tsaya da kaifinsu, an dace. In kin ga murabba'ai ƙanana, har yanzu hoto ne mai ƙarancin ɗigo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɗalibi ya gama duk wannan, sannan ya tura wa mai bugu ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi. Ki kai PDF ɗin a filasha, ko ki tura shi ta Document, ki kuma roƙi mai shagon ya fara buga miki wani yanki na zanen kaɗai a takardar A4, a ainihin girmansa, kafin ki biya kuɗin babbar.