Tambayoyinku: Sikwaya ce ko rambos?

Tambaya: Malam ina shirin WAEC, na zuba P(0,0), Q(4,3), R(0,6), S(-4,3) a GeoGebra a wayata, gefe huɗun duk 5 ne, silof ɗin PQ 3/4, na QR -3/4. Na rubuta sikwaya, malaminmu ya kafta min jan biro. Ina kuskuren? (Ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗana, malaminka ya yi daidai, kuma wallahi wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya, da kun ga gefe huɗu sun zo ɗaya sai ku rufe littafi. Gefe huɗu daidai rambos kawai ya ba ka, sikwaya sai kusurwa ta cika digiri 90. Kai alamar debewa ce ta ruɗe ka, ka ga 3/4 da -3/4 ka ɗauka shi ke nan, alhali sharaɗin shi ne in ka ninka silof biyun su ba ka -1. Naka -9/16 suka bayar. Abokin 3/4 shi ne -4/3, wato ka kifa lambar tukuna sannan ka sauya alama.

Kuma ka daina auna kusurwa da ido a fuskar waya, in ka ja hoton da yatsa ta gefe ɗaya rambos ma sai ta koma kamar tayil ɗin ɗaki. Ni abin da nake yi kullum, dayagonal nake aunawa. PR tsawonsa 6, QS kuma 8, ba su zo ɗaya ba, magana ta ƙare, rambos ce. Da sun zo ɗaya da ka ci makinka.

In a Excel ne za ka auna gefe, sa x a layin A, y a layin B, P a jere na 2, Q a jere na 3, ka rubuta:

```
=(A3-A2)^2+(B3-B2)^2
```

Kar ka sa SQRT, bar shi a 25, wato 5 sau 5, kwatanta cikakkun lambobi ya fi tsabta kan bin jelar desimal.

Tambaya: Ina lissafin silof Excel ya rubuto #DIV/0!, kwamfutar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau Hajiya, kar ki kai ta wurin mai gyara. Layin a tsaye yake, x ɗin ɗigon biyu ɗaya ne, kin raba da sifili. Irin wannan layi ba shi da silof, in na kusa da shi silof ɗinsa 0 ne to kusurwar 90 ce.

Tambaya: Yaya zan raba kayit da rektangul, duka gefe biyu-biyu ne?

Amsa: Dubi yadda lambobin suka jeru. P(0,0), Q(2,2), R(0,7), S(-2,2) da fomular can za su ba ka 8, 29, 29, 8, maƙwabta ne suka yi daidai, kayit ke nan. Da 8, 29, 8, 29 ka gani to masu fuskantar juna ne, nan ma ba rektangul ba ce sai dayagonal biyun sun zo ɗaya. Amma ka bi ɗigon a zagaye, in ka tsallaka daga P zuwa R dayagonal ka auna a matsayin gefe.