Kowa Ya Ce Aikinsa Na Gaggawa Ne: Da Wanne Zan Fara?

Assalamu alaikum, Anti. Ni ce manajar ofis a wani kamfani, kuma aiki ya yi mini yawa. Ina wuni ina amsa waya da saƙonni, kowa ya ce nasa na gaggawa ne. Yanzu haka ana jiran takardar albashi gobe, yarjejeniyar hayar ofis za ta ƙare nan da wata biyu, ga ma'aikata suna ta zuwa neman ɗakin taro. Yaya zan yi?

Mai neman mafita

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ɗauki takarda ki ja layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, don ki samu gida huɗu. Ana danganta wannan tsari da Dwight Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961. Kowane aiki ki auna shi da tambayoyi biyu: yaushe wa'adinsa zai cika, kuma wace asara za a yi idan aka bar shi? Ta farko tana nuna gaggawa, ta biyu kuma muhimmanci.

Takardar albashi ta haɗa duka biyun, saboda haka gida na farko za ta shiga, kuma da kanki za ki kammala ta yau. Rabon ɗakin taro yana da gaggawa a wurin mai nema, amma ba sai da ke zai yiwu ba, don haka gida na uku ne wurinsa: ki damƙa shi ga mataimaki guda, a kafa jadawalin da kowa zai rubuta sunansa. Abin da ya rasa duka biyun, kamar saƙon da aka turo miki don sanarwa kawai, ki bar shi a gida na huɗu.

Wanda ya fi damuna shi ne gida na biyu, inda yarjejeniyar hayar take, domin tana da muhimmanci amma babu mai buga miki waya a kanta. Sau da yawa irin wannan yarjejeniya tana ɗauke da sharaɗin ba da sanarwa kafin ta ƙare, saboda haka mai yiwuwa ainihin wa'adinki ya fi wata biyun nan kusa. Ki ware mata awa guda a kalandarki cikin makon nan, ki karanta sharuɗɗan ba tare da amsa waya ba, domin aikin da ba a sa masa lokaci ba yakan dawo a gida na farko lokacin da ba sauran damar ciniki.

Idan kika ga gida na farko ya cika maƙil kullum, to kina auna gaggawa ne da yawan matsin mai nema, ko kuma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ki kai wa shugabanki takardar nan mai gida huɗu, ki nemi ya zaɓi wanda za a jinkirta.